Firiyod, Gajere Mai Dogon Hannu

Allah ya ja zamanin wanda ya fara yanka ilimi gunduwa-gunduwa ya ɗora shi a faifai kamar tsire. Tun ranar 27 ga Agusta 1991 da aka cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano aka ce Dutse ce fadar mulki, garin nan ya ga abubuwan alheri iri-iri. Ya ga sakatariya, ya ga tituna masu hannu biyu, ya ga filin jirgin sama, a 2011 kuma ya ga Jami'ar Tarayya. Amma duk cikinsu babu wanda ya kai darajar wani baƙo da ya shigo ba kiɗa ba algaita, ya zauna a makarantunmu na kuɗi daga Takur zuwa Fagoji, daga Yalwawa zuwa Danmasara, har ya miƙa ƙafa Kiyawa da Birnin Kudu. Wannan baƙo shi ne lesin na bayan tashi, wanda ake biyan malami kuɗinsa firiyod-firiyod, a ɗora masa a kan albashin wata.

Gaishe ka firiyod, gajere mai dogon hannu, minti arba'in mai tayar da matattu, angon azahar, kishiyar safiya, mai sa gurgun alli ya yi sukuwa a kan allo. Kai ka raba gardama tsakanin ilimi da kasuwa, ka nuna ashe uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Iyayenmu, Allah ya jiƙansu, mutanen kirki ne amma ba su iya lissafi ba. A zamaninsu malami yakan shiga aji da safe ya zazzage duk abin da ke kansa, ya tsaya da yaron da bai gane ba har rana ta take, sannan ya hau kekensa ya tafi ba tare da ya rubuta wa kowa takardar bashi ba. Irin wannan almubazzaranci ne ya cika ƙasar nan da likitoci da alƙalai da injiniyoyin da suka fito daga makarantu irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, waɗanda har yau ba su san nawa aka kashe wa kowace awa ta karatunsu ba. Mutum ya zama babban sakatare bai taɓa riƙe rasit na lesin ba! Mu kam Allah ya tsare mu daga wannan duhun kai. Ɗana yana aji biyar na sakandare a wata makarantar kuɗi a cikin Dutse, kuma ina iya faɗa maka farashin kowane minti da ya zauna a kan benci bayan ƙarfe biyu.

Bari in shimfiɗa lissafin yadda maƙwabcina, wanda shi ne malamin lissafi a makarantar, ya zana min shi a ƙasa da tsinke wani dare bayan sallar isha'i, domin abin da ya yi kyau bai kamata a ɓoye shi ba. Albashinsa naira 30,000 ne a wata. A kan wannan kuɗi yana shiga aji sau 24 a mako da safe, wato sau 96 a wata. In ka raba, kowane firiyod na safe ya tashi a kan naira 312 da 'yan kwabbai. Da yamma kuwa, daga ƙarfe biyu zuwa uku da minti ashirin, Litinin zuwa Alhamis, ana biyan naira 500 a kan kowane firiyod. Ga kuma bambancin da ya fi wannan girma: kuɗin safe yana zuwa ko an koyar ko an zauna ana duba waya, na yamma kuwa sai an tsaya gaban allo. Wane mai hankali ne zai kai hajarsa mai kyau kasuwar da ba ta ci, alhali ga wadda ke ci nan da awa uku? Ko mai dabinon Dutse da ya je Shuwarin ya san wanda zai baje a saman faifai don ɗanɗano da wanda zai bari a cikin buhu sai mai kuɗi ya zo.

Haka aka samu rabon aiki mafi adalci da aka taɓa gani a tarihin karatun boko. Safiya ta zama lokacin gaisuwa, da kiran suna, da rubuta kwanan wata a kusurwar allo, da ja wa kan darasi layi biyu da rula. Malam zai buɗe babi cikin nutsuwa irin ta manya, ya kawo misali ɗaya mai sauƙi, ya kai yara daidai bakin wurin da abin yake fara wuya, sai ya dubi agogo ya kakkaɓe alli daga hannunsa ya ce, "Za mu ƙarasa a lesin." Ban san wata jimla a harshen Hausa da ta kai wannan hikima ba. Masu shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango sun daɗe suna ƙoƙarin koyon yadda ake yanke labari a inda mai kallo zai dawo mako mai zuwa, amma ko kusa ba su kamo ƙafar malamin da ke yanke lissafi a tsakiyar baka biyu ba.

Na taɓa tambayar maƙwabcin nawa, cikin ladabi, ko abin ba ya damun sa. Ya ce, "Alhaji, mudun shinkafa ba ya tambaya ta ko da safe na samo kuɗin ko da yamma." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan magana ta isa a rubuta ta a ƙofar makaranta." Mutum ne mai digiri, mai mata da 'ya'ya huɗu, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya jingine babur ɗinsa a zaure ya koma tafiya a ƙasa, abin da ya ƙara masa lafiya ƙwarai, don yanzu babu ko ɗigon kitse a jikinsa.

Amma kada yabon malami ya sa mu manta da uban tafiya, mai makaranta, giwa mai tafiya da kayan wasu, rijiya mai karɓa ba ta ƙoshi, inuwar giginya wadda na nesa ke sha. Shi ne ya haɗa wannan gini, kuma lissafinsa ya fi na malamin lissafi zurfi. Ajin ɗana yara 40 ne, kowanne yana biyan naira 6,000 kuɗin lesin a zango, ban da kuɗin makaranta. Wannan ya ba da naira 240,000. Ana yin firiyod biyu a rana, kwana huɗu a mako, cikin makonni 11 na karatu kafin jarrabawa, jimilla firiyod 88. In aka biya malamai naira 500 a kan kowanne, an kashe naira 44,000. Ragowar naira 196,000 kuwa tana tafiya wajen abin da ake kira gudanarwa, wato wani aiki mai nauyi da idon talaka ba ya iya gani. Ta wata fuskar, duk lokacin da malam ya tsaya minti arba'in a gaban ajin nan, iyaye sun biya sama da naira 2,700, shi kuma an miƙa masa 500 cur, ba a rage ko sisi ba. Masu hassada sukan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sun manta cewa ba don gardi ba, da kura ba ta samu damar fitowa bainar jama'a ba.

Kuma mutum ne mai bin doka sau da ƙafa. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a ƙasar nan, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Cikin ikon Allah, ma'aikatan makarantar nan, har da maigadi da mai shara, 24 ne, kuma shekara da shekaru ba su taɓa ƙaruwa ba, duk da cewa azuzuwa sun ninka. Da malamai suka je masa da ƙoƙon bara a kan ƙarin albashi, bai kore su ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malamaina, ni ba zan ba ku kifi ba, ga kogi nan bayan ƙarfe biyu." Suka ce, "Mun gode, ranka ya daɗe." Dubi kyawun abin. Ƙarin albashi kaya ne da ba a saukewa: za a biya shi a watan azumi, a biya shi a dogon hutun Agusta lokacin da babu yaro ko ɗaya a harabar makaranta, a biya shi ranar da malam ke kwance da zazzaɓi. Kuɗin firiyod kuwa ɗa ne mai tarbiyya, ba ya zuwa sai an kira shi, kuma daga aljihun iyaye yake fitowa. Da wannan dabara mai makaranta ya ƙara wa malamai kuɗi ba tare da ya taɓa nasa ba, har ma ya samu ɗan abin sa wa a baki a kan wahalar da ya sha wajen yin alherin.

Wanda yake so ya ga inda fasahar ta kai maƙura, sai ya duba littafin lesin, wani dogon littafi mai baƙin bango da ke kwana a ofishin akanta. Kowane firiyod yana da layinsa: rana, aji, darasi, sa hannun malami, da sa hannun monita. Wato yaro ɗan shekara goma sha shida shi ne shaidar da ke tabbatar da cewa malaminsa ya cancanci naira 500, abin da ke koya wa yara shugabanci tun da wuri, ya kuma koya wa malamai tawali'u, don ban taɓa jin malamin da ya daki monita ba.

A watan Mayun da ya nuna min, maƙwabcina yana da firiyod shida a mako, wato 24 a makonni huɗu, naira 12,000 ke nan a kan takarda. Ranar 1 ga wata aka yi hutun Ranar Ma'aikata, kuma domin girmama shi a matsayinsa na ma'aikaci aka cire masa firiyod biyu. Ranar 27 aka yi Ranar Yara, wasu biyun suka bi su. Sau biyu aka ga dacewar a haɗa ajin kimiyya na ɗaya da na biyu a ɗaki guda, yara 80, wasu a kan taga wasu a kan gwiwar 'yan uwansu, sai firiyod biyu ya zama ɗaya, tun da bakin da ya yi maganar ɗaya ne, allon ma ɗaya ne. Iyayen yara 80 sun biya nasu cikakke, don ba a haɗa rasit. Wata rana ya tsaya sallar azahar liman ya ja, ya shiga aji da jinkirin minti bakwai, aka ja jan layi a kan firiyod ɗin bayan ya koyar da sauran minti 33 fi sabilillahi. Wata ranar kuma monita ya manta bai sa hannu ba, kuma abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Aka tashi da firiyod 16, naira 8,000. A kwanaki goman da ya tsaya har yamma ya ci garau-garau na naira 300 kullum a bakin ƙofa don kada jiri ya kayar da shi gaban yara, ya rage naira 5,000. Su ma ba a ba shi a ƙarshen wata ba, aka ce sai iyaye sun gama biya, domin a saba masa da tanadi. Ina mai tabbatar maka babu bankin da ke kula da tarbiyyar mai ajiya kamar haka.

Wata falalar firiyod ita ce ya fito da martabar kowane ilimi fili, ya hutar da mu daga ƙaryar da ake yi cewa duk darussa ɗaya ne. Lesin na masu tsada ne: Lissafi, Turanci, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, waɗanda iyaye ke jin tsoronsu saboda WAEC da NECO da JAMB. Malamin Hausa da malamar Addini da mai koyar da Tarihi ana sallamar su ƙarfe biyu cikin mutunci, su tafi da albashinsu tsarkakakke, ba a gauraya shi da komai ba. Su ladansu yana lahira, inda ba a cire Ranar Ma'aikata. A ɗakin malamai kuwa, ranar da za a kafe jadawalin lesin na sabon zango, za ka ga ƙauna da ba ka taɓa gani ba. Kowa yana gaida mataimakin shugaba har ƙasa, ana tambayar lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ana kawo masa labarin abin da wane ya faɗa jiya a bayan idonsa. Malamin da ya taɓa tambayar ina ragowar kuɗin lesin ke zuwa, an tausaya masa an rage masa nauyi daga firiyod shida zuwa ɗaya, don ya samu lokacin yin tunani.

Su kuma yara, su ne suka fi kowa cin riba. Ka je ka tsaya a bakin taga ƙarfe biyu da rabi a watan Afrilu, lokacin da duwatsun Dutse suka gama shan rana suna mayar da ita, kwanon rufi yana ƙara kamar ana soya gyaɗa a kansa, fanka tana tsaye cik tana jiran wuta. Yaron da ya karya da koko tun ƙarfe bakwai, ya jiƙa maƙoshi da awara biyu da fiya wata, yana zaune idonsa rabi a buɗe, alƙalami yana tafiya shi kaɗai a kan takarda. Wane sansanin soja ne ke ba da irin wannan horo a kan naira 6,000? Daga nan zai ruga gida ya watsa ruwa ya kama hanyar Islamiyya, ya isa bayan an yi nisa, ya ƙarasa barcinsa a can cikin albarka. Mu iyaye ma'aikata da ba mu tashi daga sakatariya sai ƙarfe huɗu, mun samu inda za a riƙe mana su, kuma ba mu taɓa jin kunyar kiran abin karatu ba.

Ana cewa lesin ba dole ba ne, kuma gaskiya ne, an rubuta haka a takardar da ake aiko mana. Duk yaron da ubansa bai biya ba yana da cikakken 'yancin ɗaukar jakarsa ƙarfe biyu, bayan akanta ya shigo ya karanta sunansa da ƙarfi a gaban aji don kada a yi kuskure. Yana da 'yancin tafiya gida da rabin babin da aka ba shi da safe, da 'yancin zama jarrabawar ƙarshen zango wadda tambayoyinta bakwai cikin goma an warware su a lesin, lamba da lamba. In ya faɗi, sai a rubuta masa a katin sakamako cewa ya ƙara ƙoƙari. Akwai wata yarinya a layinmu, marainiya, wadda ta riƙa zuwa ta ɗaya tun daga firamare. Zango biyu kakarta ba ta iya biyan kuɗin lesin ba, sai ga ta ta 23. Da a zamanin da ne, da yarinyar nan ta girma da ruɗin cewa ƙwaƙwalwa kaɗai ta isa. Yanzu tana da shekara goma sha biyar ta riga ta san abin da wasu ba sa ganewa sai sun gama jami'a suna neman aiki. Wannan darasi ma kyauta aka ba ta shi.

Abin tausayi ne ka ga yadda wasu ƙasashe suka kasa gane wannan ni'ima. Koriya ta Kudu ta haramta karatun kuɗi na bayan makaranta a 1980, ta yi shekara ashirin tana fama har kotun tsarin mulkinta ta soke haramcin a 2000. Sin ma a 2021 ta hana cin riba da koyar da manyan darussan makaranta bayan tashi. A wurare da dama kuma ana hana malami karɓar kuɗi don ya koyar da yaran ajinsa na safe, wai don kada ya riƙe wani abu ya sayar da yamma. Dubi irin wannan mummunan zato! Shi ya sa suka tsaya ƙera motoci da wayoyi da jiragen ruwa, ba su samu sukunin zama su yi tunani mai zurfi irin namu ba. Mu a nan malamin safe shi ne na yamma, shi ke fitar da tambayoyi, shi ke yin maki, komai a hannu ɗaya kamar yadda aminci ya tanada.

Ga uban da yake so ya tabbatar makarantar ɗansa ta kai wannan matsayi, hanyar mai sauƙi ce, ba sai ya je ofishin kowa ba. Ya sa yaron ya kawo littafin safe da littafin lesin na darasi ɗaya, ya ajiye su gefe da gefe a kan tabarma. In ya ga na safe cike da aiki da jan biro na gyara, na lesin kuma maimaici ne kawai ga wanda bai gane ba, to ya yi haƙuri, makarantar tana baya, har yanzu akwai malamai masu tsohon ra'ayi a cikinta, kuma ana samun irinsu jefi-jefi, masu taurin kai da ke koyar da komai da safe su tafi gida da yunwa. In kuwa ya ga na safe kan darasi ne da kwanan wata da farin fili, na lesin kuma ya kumbura har bango ya yage, sannan ya ɗauko takardar jarrabawa ya tarar da tambayoyinta kwance a cikin na lesin, to ya yi hamdala, kuɗinsa suna aiki.

Ni na yi wannan gwaji ranar Asabar da ta wuce. Na ce, "Kai, kawo min littattafan lissafinka." Ya kawo na lesin guda uku, duk sun cika. Na ce ina na safe, ya ce, "Baba, ai shi ne wanda ka saya min tun ina aji huɗu." Na buɗe shi, mai shafi tamanin ne, an ci goma sha ɗaya, sauran fari fat kamar yau aka fito da shi daga kanti, ko kunnensa bai lanƙwashe ba. Na daɗe ina shafa shi ina jinjina wa mutanen da suka tsara abin da zai sa littafi ɗaya ya yi wa yaro shekara biyu a wannan marra ta tsadar takarda. Na sa uwarsa ta adana shi a ƙasan akwati, don ƙanensa zai shiga makarantar baɗi, kuma in Allah ya yarda shi ma zai bar wa na bayansa.